Saƙon Waya Tsakanin Mai Gida da Ɗan Haya: Me Aka Amince da Shi?

Rigimar haya a gaban alƙali wani lokaci takan taso ne daga saƙonnin WhatsApp. A Najeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar irin wannan hujja idan an cika sharuɗɗansa. Abin da ake nema a cikin saƙonnin shi ne tayi bayyananne da amincewar da ta dace da shi daidai.

Ga misali. Ɗan haya ya rubuta: "Ranka ya daɗe, rufi na yoyo. Zan gyara da naira 80,000, in cire daga kuɗin haya." Mai gida ya amsa: "To, ka gyara." Da shekara ta zagayo, ɗan haya ya biya 320,000 maimakon 400,000, mai gida ya ce da sauran kuɗinsa.

Izinin gyara a fili yake. Cire kuɗin ne ke da gardama, domin mai gida bai ambace shi ba. Sai dai amsarsa ta biyo bayan saƙon da ya haɗa biyun, bai kuma ware komai ba, don haka a ganina hujjar ɗan haya ta fi ƙarfi. Da cewa ya yi "za mu duba", babu yarjejeniya. Da ya ce "cire 50,000", sabon tayi ne, sai ɗan haya ya karɓa.

Ana kuma duba abin da ya biyo baya: rasidin kwano da ƙusa, da ko mai gida ya karɓi 320,000 bai yi ƙorafi ba. Wanda ya fi cutuwa shi ne ɗan hayar da ya kashe abin da ya wuce 80,000 bai sake tambaya ba, domin rarar ba ta cikin abin da aka amince.