Shagon Atamfa a Intanet: Nawa Zai Ci, Yaushe Zai Kammala?

Yau za mu leƙa Kantin Kwari a Kano, mu ɗauki misalin ɗan kasuwa mai atamfa da shadda kala 200 da yake son buɗe shafin ciniki a intanet.

Kuɗin da ya fara jin labarinsa shi ne na maginin shafin, kuma sau ɗaya ake biyansa. Sauran kuwa kamar hayar shago suke, duk shekara sai sun dawo. Akwai kuɗin adireshi, akwai kuma na masaukin da shafin zai zauna a kai, wato hostin. Adireshi mai ƙarewa da .com da dala ake lissafa shi. A ce dala 15 ne a shekara: a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, bai kai naira dubu 7 ba. A watan Fabrairun 2024, da dala ta haura naira 1,500, ya wuce dubu 22. Shi ya sa wasu suke komawa .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA take kula da shi, ana biya da naira.

To, sai maganar lokaci. Magini da ya san aikinsa zai iya tsayar da irin wannan shafi da WordPress cikin mako biyu zuwa uku. Abin da yake jan ƙafa yawanci yana wajen mai kaya. Kala 200, kowace da hoto uku, hotuna 600 ke nan. Kowace tana buƙatar suna da farashi da yawan yadi. Idan yaron shago yana gama kala 20 a rana, kwana 10 sun tafi, in ma ciniki ya bar shi. Ita shadda ga ƙyalli, hoton da aka ɗauka a ƙarƙashin fitilar shago sai ya sauya mata launi, mai saye ya dawo da kaya. Dole a ware kuɗin mai hoto, a kuma sa wata biyu a rai.

Bayan an buɗe ma da saura. Kamfanin karɓar kuɗi irin Paystack yana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, wato naira 700 a cinikin dubu 40. Manhajojin shafin suna son sabuntawa da adana kwafi, kuma wani ne zai yi, da ladansa na wata-wata.

Wurin da aka fi yin kuka shi ne rajistar adireshi. Magini ya yi ta da imel ɗinsa, shekara ta zagayo, saƙon tuni ya tafi wurinsa, shi kuma ya sauya lamba. Mai kaya sai dai ya ji abokan ciniki suna cewa shafi ba ya buɗuwa. Akan ba da 'yan makonni a sabunta, daga nan fansar adireshin takan ninka kuɗin shekara sau da yawa, in aka ƙara jinkiri kuma wani yana iya saye shi.