Famfon burtsatse ne ke yanke girman janareton asibiti

A Ngueli, bakin gadar Logone da ke haɗa N'Djamena da Kousseri, ƙaramin asibitin da zai sayi janareto yakan tara wat ɗin kayansa ya nufi kasuwa. Wannan lissafi rabi ne. A ɗauki misali: fitilu da fankoki wat 600, firjin rigakafi 200, na'urorin oksijin biyu 700, tukunyar dafa kayan tiyata 2,000, famfon burtsatse 1,500. Jimla kilowat 5, sai a ce janareto mai kVA 6 ya wadatar. Amma famfon nan, da ke jan amfiya bakwai a wutar bolt 220 yana cikin gudu, yakan ja ninki biyar ko shida lokacin tashi, wato kusan kVA 9 na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ƙaramin inji ba ya ɗauka. Za a ga fitilu sun dushe, injin ya yi nishi da baƙin hayaƙi, na'urar oksijin ta kama ƙara a kan gadon jariri.

Wani zai ce a sayi mai kVA 20 a huta. Ba hutu ba ne. Injin dizal da ke ɗauke da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa yana shan kimanin sulusin lita a kan kowane kilowat na awa guda. Da dare kayan asibitin nan ba su wuce kilowat ɗaya da rabi ba, babban injin kuwa zai sha kusan lita ɗaya da rabi a awa, ninki uku ke nan. Ga kuma lalacewa: injin da ya daɗe ƙasa da kashi 30 cikin ɗari ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai, sai a ga baƙin maiƙo yana ɗiga daga salansa.

A ganina mai kVA 10, wato kilowat 8, ya isa, muddin an bi tsari. A fara tayar da famfo injin yana wofi, sannan a shigar da sauran, kuma kada tukunya da famfo su haɗu. A cika tanki, a dafa kaya, a caja batura da rana, dare kuma a bar wa batura. Firjin rigakafi, da dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8, ya fi dacewa da sola.

Saura lambar da ke jikin inji. Ƙarfin ko-ta-kwana ya ɗara na aikin kullum da kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma ƙa'idar ISO 8528 ta tsara shi don awa 200 kacal a shekara. Inda ɗaukewar wuta ke daɗewa, ko babu layin sam, ƙaramar lambar za a duba, a kuma bar rara saboda zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana rage wa inji ƙarfi.