Amsa Daidai Ce, Amma Lokaci Ya Ƙare

Mai koyon rubuta manhaja yakan gamu da wani abin takaici a gasar Codeforces da ire-irenta. Ya gwada amsarsa da lambobi biyar, ta fito tsaf, ya miƙa, sai allo ya rubuto masa `Time Limit Exceeded`. Lissafinsa bai kuskure ba. Daƙiƙa ɗaya ko biyun da aka ba shi ne suka ƙare kafin kwamfuta ta gama aiki. Alhali da ya ɗauki biro da takarda tun farko, da ya hango haka.

Asalin matsalar yakan fito ne daga madauki, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta yi ta maimaita aiki guda. Idan jeri yana da lambobi n, madauki ɗaya kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, aikin zai gudana sau n. Jeri ya ninka, aiki ya ninka. Wannan ake rubutawa O(n), a kira shi Babban O, alamar da Bajamushe masanin lissafi Paul Bachmann ya fito da ita a 1894, tun babu kwamfuta. Ba ruwanta da daƙiƙoƙi. Abin da take faɗa shi ne yadda aiki ke ƙaruwa idan bayanai suka ƙaru.

Ga wani sanannen aikin gwaji: an ba da jerin lambobi, a gano ko akwai wadda ta zo sau biyu. Dabarar da ke fara faɗo wa kowa ita ce a kwatanta kowace lamba da duk na bayanta:

```python
for i in range(n):
    for j in range(i + 1, n):
        if a[i] == a[j]:
            return True
```

Ana yin lissafin ne da ranar da aka fi shan wuya, wato idan babu maimaici ko ɗaya. Lambar farko za a kwatanta ta sau n-1, ta biyu sau n-2, haka har a sauko zuwa 1. Jimilla n(n-1)/2 ke nan. Kamar musabaha ce a wurin ɗaurin aure: mutum 10, kowa ya gaisa da kowa, sau 45, su zama 20, sai ta haura zuwa 190. Mutane sun ninka biyu, gaisuwa ta ninka huɗu har da ɗoriya. Babban O yakan watsar da rabin nan da ƙaramin ɓangaren, ya riƙe mai rinjaye kawai, ya ce O(n²).

To, a sa adadi na gaske. Idan n 1,000 ne, kwatanci 499,500 za a yi, kafin ƙiftawar ido an gama. Idan kuwa tambaya ta ce n na iya kai 100,000, ana maganar kusan biliyan 5. Masu gasa suna ƙiyasta cewa harshen C++ yakan yi ƙananan ayyuka kamar miliyan 100 a daƙiƙa, don haka ana bukatar wajen daƙiƙa 50. Python kuwa ya fi haka nawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa gwanaye suke fara duba iyakar n kafin su taɓa madannai, domin a nan mai tambaya yake nuna irin amsar da zai karɓa.

Mafita ita ce a riƙa ajiye abin da aka riga aka gani:

```python
gani = set()
for x in a:
    if x in gani:
        return True
    gani.add(x)
```

Neman abu a cikin `set` bisa matsakaici ba ya ƙara tsawo komai yawan kayan da ke ciki, saboda haka aikin ya koma O(n). Ladan saurin shi ne ƙarin wurin ajiya.

Akwai tarko a nan, kuma yana kama har waɗanda suka ɗan kwana biyu a harkar. Idan aka mai da `gani` jeri na yau da kullum, wato `[]`, aka kuma sauya `add` da `append`, ido zai ga madauki ɗaya ne, amma `x in gani` sai ya bi jerin tun daga kai kowane karo. Madauki na biyu ya ɓuya a layi guda, an koma O(n²) ba a sani ba. Haka kuma ba kowane madauki cikin madauki ne n² ba: idan na ciki sau 26 yake juyawa kullum, kamar bin haruffan Turanci, aikin O(n) ne. Idan kuma yana raba adadi biyu a kowane zagaye, miliyan ɗaya takan ƙare a zagaye 20 kacal, sai a samu O(n log n). Ƙirga madaukai da ido yana yaudara. Abin ƙirgawa shi ne sau nawa layin can ciki zai gudana.

Wanda yake shakkar lissafinsa yana iya gwadawa da agogo. Ya gudanar da manhajar da lambobi 10,000 marasa maimaici, sannan da 20,000. Idan lokacin ya ninka kusan biyu, O(n) ce. Idan ya ninka kusan huɗu, akwai madauki na biyu a wani wuri, sai ya bi layi-layi ya zaƙulo shi.