Aron katin hoto ga baƙuwar kwamfuta: ɗaki ake bayarwa, ba gado ba

Mai aiki da Linux yakan buƙaci Windows saboda wata manhajar zane ko wasa guda ɗaya. Maimakon ya sayi wata kwamfutar, sai ya gina ta ƙarya a cikin tasa da QEMU da KVM. Masu sana'ar suna kiran wannan baƙuwa, ta ainihin kuma mai masauki. Matsalar baƙuwa ita ce katin hoton da ake ba ta na kwaikwayo ne, ba ya ɗaukar aiki mai nauyi. Maganin shi ne a ɗauki katin gaske a miƙa mata kacokan. Idan an miƙa, mai masauki ya rabu da shi ke nan, don haka sai ya kasance yana da nasa na biyu, ko da wanda ke cikin firosesa ne.

Me ya sa abin yake da wuya? Katin hoto ba ya jiran izinin firosesa, kai tsaye yake rubutu a ma'adanar kwamfuta. In aka ba baƙuwa shi ba mai tsaro, za ta iya taɓa duk abin da mai masauki ya ajiye. Mai gadin shi ne IOMMU, wanda Intel ke kira VT-d, AMD kuma AMD-Vi. A cikin BIOS ake kunna shi, sannan a injin Intel a ƙara `intel_iommu=on` a layin tayar da Linux.

To, a nan gizo ke saƙar. Mai gadin yana ganin abin da ya bi ta ƙofarsa ne kawai. Wasu na'urori suna iya magana da juna ta bayan gida ba tare da ya sani ba, kamar 'yan haya biyu da ke da ƙofa a tsakanin ɗakunansu. Linux yakan tara irin waɗannan a rukuni ɗaya, kuma ƙa'idarsa ba sassauci: rukuni duka ake bayarwa, ko a haƙura. Ga yadda ake duba su:

```
find /sys/kernel/iommu_groups/ -type l
lspci -nnk
```

Idan umarnin farko bai nuna komai ba, mai gadin bai tashi ba, a koma BIOS.

A ce katin GTX 1060 ne mai giga 6. Zai fito a matsayin na'urori biyu: `01:00.0` na hoto, lambarsa `10de:1c03`, da `01:00.1` na sautin da ke bin wayar HDMI, lambarsa `10de:10f1`. Sabon shiga yakan manta da na sautin, sai QEMU ya ƙi tashi, ya rubuta `group 1 is not viable`. Dukansu biyu ake ɗaurewa da direban `vfio-pci`:

```
options vfio-pci ids=10de:1c03,10de:10f1
```

Sai kuma a tabbatar shi ya fara kama katin lokacin tashi, kafin `nouveau` ko `nvidia` su riga shi. Bayan an sake kunnawa, layin `Kernel driver in use` na `lspci -nnk` shi zai faɗi wanda ya yi nasara. Gadar PCI da ta fito cikin rukunin ba a taɓa ta, a bar ta yadda take.

Amma in aka tarar katin yana rukuni ɗaya da na'urar intanet ko mai kula da faifan ajiya fa? Abu na farko shi ne a kwance katin a canza masa rami. Ramin sama, mafi kusa da firosesa, ya fi samun rukuni nasa shi kaɗai, na ƙasa kuwa sukan cakuɗe da sauran kaya. Sabunta BIOS ma yakan raba su. Akwai wani faci da ake yi wa Linux, `pcie_acs_override`, mai sa a nuna kamar kowace na'ura tana da ɗakinta. A ganina labule ne aka rataya a kan ƙofa. Ƙofar tana nan a buɗe, Linux ne kawai ya daina ganin ta, shi ya sa ba a karɓi facin cikin Linux na asali ba. A injin wasa na gida mutum zai iya kasada, a injin da ke riƙe da bayanan jama'a kuwa ganganci ne.

Sauran tarkon ba su kai wannan ba. Direban NVIDIA ya daɗe yana ƙin aiki idan ya gane yana cikin baƙuwa, Windows ya nuna `Code 43`, har sai da kamfanin ya janye hanin a 2021 da direba 465.89. Wasu katunan AMD, irin su Vega, ba sa komawa daidai bayan an kashe baƙuwa: karo na farko lafiya, na biyu baƙin allo, sai an sake kunna injin gaba ɗaya. Wani baƙin allon kuma ba laifin kowa ba ne, hoton yana fita ne ta bakin katin da aka miƙa, alhali wayar tana haɗe da na mai masauki.

Kafin ka kashe kuɗi a kan kati na biyu, kunna IOMMU ka duba rukunan injinka tukuna.