Bidiyon Da Ya Kawo Mai Saye Daga Kebbe

A Tambuwal akwai wani shagon kayan waya, ba nisa da babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega. Mai shagon matashi ne mai ƙoƙari. Yana saro kaya daga kasuwar Farm Centre ta Kano: caja, igiyar caja, iyafis, fawa banki, rigar waya da gilashin da ake manna wa fuskar waya. Yana kuma ɗaukar bidiyo yana sawa a TikTok da Facebook da Status na WhatsApp. Bidiyoyin suna da tsabta, kaya a jere, haske ya wadata, amma kusan duk a kwance suke mutuwa. Guda ɗaya ne ya tashi. Shi ne har ya sa wani mutum ya hau mashin daga Kebbe, ya zo ya miƙa wayarsa, ya ce a sa masa gilashin nan da aka karta da makulli bai yi komai ba.

Abin ya ɗaure wa mai shagon kai. Ya ce mini, "Yaya, bidiyon ga shi ya fi kowane muni. Ƙanena ya ɗauke shi, hannunshi na rawa, ga ƙarar janareto. Mi mutane suka gani cikinshi?"

Zargin farko ya hau kan kayan. Wataƙila gilashi ne ake nema a lokacin, don haka ko yaya aka nuna shi za a kalla. Wannan bai daɗe ba ya faɗi, domin da muka koma baya a shafinsa mun sami wani bidiyon na gilashin nan dai, farashi ɗaya, kwali ɗaya, kuma yana cikin waɗanda suka mutu. Sai muka duba lokaci. Shi ma bai kai mu ko'ina ba: bayan sallar isha'i ya saba sawa, kuma wannan ma bayan isha'i ya sa shi. Tsawon bidiyon bai bambanta da sauran ba. Ya ce to sa'a ce kawai. Ban yarda ba, domin mai shago ba zai iya saro sa'a ya jera a kanta ba, kuma akwai wurin da ba mu leƙa ba tukuna.

Shi adadin masu kallo yake dubawa, musamman na Status. Wannan adadin yana ruɗi. WhatsApp yana lissafa wanda ya buɗe, ko da ya danna ya wuce nan take. Facebook kuwa yana da ma'aunin da yake ƙirga wanda ya tsaya sakan uku, kuma ba banza aka zaɓi ukun ba: wanda ya kai nan ana ɗauka da gangan ya tsaya. TikTok ya fi su bayani. A cikin alƙaluman kowane bidiyo akwai zane mai suna `Retention rate`, layi ne da ke farawa daga sama yana gangarowa, yana nuna kashi nawa na masu kallo suka rage a kowane sakan. Da muka buɗe na matattun bidiyoyin, siffarsu iri ɗaya ce: layin yana faɗowa tsaye tun kafin sakan na uku, sannan ya kwanta a ƙasa. A bidiyon gilashin da ya tashi, layin a hankali yake sauka.

Ke nan ɓarnar ba a tsakiya take ba, ba kuma a ƙarshe ba. Mutane ba su taɓa jin farashinsa ba balle su ce ya yi tsada. Kuma tunda waɗannan manhajojin sukan fara gwada bidiyo a kan mutane kaɗan, in sun tsaya a ƙara yaɗa shi, in sun wuce a bar shi, duk wanda ya gudu a farkon ya rufe ƙofa ga waɗanda ke bayansa.

Sai muka kalli sakan ukun farko kaɗai, bidiyo bayan bidiyo. Tambarin shago yana juyawa da kiɗa, irin wanda ake samu a shirye a CapCut. Bayansa mai shago a tsaye, ya fara cikakkiyar sallama har zuwa "wa barakatuhu", ya ɗora da "'yan uwa barkanmu da warhaka". Wanda yake shakka ya riƙe agogo ya faɗe ta: sakan uku sun ƙare kafin ya rufe baki. A bidiyon da ya tashi babu tambari, babu gaisuwa. Da aka tambayi ƙanen, sai ya ce ya makara wajen danna maɓallin ɗauka, bai fara ba sai da yayansa ya riga ya ɗora makullin mashin a kan gilashi.

Nan mai shagon ya yi shiru. Ya ce, "Wato sallama ce matsala? In haka ne, a bar bidiyon." Na fahimce shi, kuma ina tare da shi. Ba zan ce wa ɗan Musulmi ya yar da sallama don neman kallo ba. Amma hujjar ba ta kammala ba, domin a cikin matattun akwai waɗanda babu sallama a cikinsu. Sun fara ne da "Muna da kaya masu inganci da rahusa", kuma layinsu ya faɗi a daidai inda na sauran ya faɗi.

Abin da ya warware ƙullin shi ne rufe murya. Muka kashe sauti gaba ɗaya muka sake kallo, kamar yadda mutane da yawa ke ganin bidiyo a Facebook ko a cikin jama'a. Ba tare da murya ba, matattun duk hoto ɗaya ne: mutum a tsaye, bayansa kanta cike da kaya ɗari, ido bai san inda zai sauka ba, kuma babu abin da ke faruwa. A ɗayan kuwa hannu ɗaya ne, makulli ɗaya, gilashi ɗaya, makullin yana tafiya. Duk mai waya ya san zafin tsagewar fuskarta, don haka tambaya ta riga ta shiga zuciyarsa: zai karce ko ba zai karce ba? Ba zai wuce ba sai ya ga amsa. Gani ya kori ji. Laifin ba na sallama ba ne. Laifin shi ne an bar ido babu aiki yayin da baki ke gaisuwa.

Masu tallan magani da lasifika a kasuwanninmu sun daɗe da sanin wannan. Ba sa farawa da sunansu ko garinsu. Ciwon suke fara kira, mai ciwon kuma ya waiwayo da kansa.

Da asirin ya bayyana, sauran aikin na biro da takarda ne. Kafin a taɓa kyamara, a rubuta layi uku: abin da ido zai gani, abin da za a rubuta a fuskar bidiyo, da abin da baki zai faɗa. Muka gwada da fawa banki, kayan da rashin wuta ya mayar dole.

Na ido: wayar Tecno a kwance, batir ya yi ja yana nuna kashi 2 cikin ɗari, hannu yana soka mata igiya daga fawa banki. Wannan ne hoton farko, babu tambari kafinsa. Yana da dalili na biyu ma: inda sabis yake da rauni, hoton farkon ne ke tsayawa cak yayin da bidiyon ke lodi, don haka shi kaɗai ma ya kamata ya yi magana. Na rubutu: "20,000mAh: sau nawa zai cika waya?" da manyan haruffa, a sama da tsakiya, domin ƙasan fuska da gefen dama TikTok yana rufe su da suna da maɓallansa. Na baki: "Salamu alaikum, sau nawa wanga zai cika wayarka?" Kalma takwas ce, kuma kusan iyakar abin da sakan uku ke ɗauka ke nan in ba a yi gaggawar da za ta haɗiye magana ba. Sallama tana nan, hannu kuma yana aiki a ƙarƙashinta.

Tambayar tana da ƙarfi ne saboda kowa yana zaton ya san amsar. Batirin waya 5,000mAh, fawa banki 20,000mAh, ai sau huɗu ke nan. Ba haka ba ne. Adadin da ke jikin kwali an auna shi ne a kan batirin ciki mai bolt 3.7, alhali sai an ɗaga wutar zuwa bolt 5 kafin ta bi igiya, wayar kuma ta sake sauke ta. A kowane juyi wani kaso yana tafiya a matsayin zafi. Mai kyau yakan ba da wajen sau uku, jabu kuwa ko biyu ba ya kaiwa. Wannan amsar ce cikin bidiyon, kuma dole a faɗe ta da wuri, sannan farashi, sannan "muna Tambuwal, muna aikawa Kebbe da Dogon Daji". Ambaton gari yana rage masu kallo daga nesa, amma mutumin Legas ba zai zo sayen igiyar caja ba.

Hanyar gane ko sabon farkon ya yi aiki ita ce a canza farkon kaɗai, a bar sauran bidiyon yadda yake, a sa bidiyoyin biyu a ranaku daban a lokaci ɗaya, a kwatanta layin. In ya faɗi kafin sakan uku, farkon ne bai kama ba. In ya tsallake ukun ya faɗi jim kaɗan bayansu, an yi alkawari an tsaya surutu ba a cika ba. In an kalla har ƙarshe amma babu wanda ya turo saƙo, a duba ko an faɗi farashi da wurin shago.

Abu ɗaya nake roƙon masu shaguna. Farkon da ya tsayar da mutum alkawari ne, kuma mai saye zai zo da shi har gaban kanta. Gilashin da ya jure makulli ba ya jure yashi, domin ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri, kuma aljihunmu ba ya rabuwa da ita. Lambar 9H da ke jikin kwali ma'aunin taurin fensir ce, ba shaidar cewa ba ya fashewa ba. Ku nuna makullin a sakan na farko, amma kafin bidiyon ya ƙare ku gaya wa mutum maganar yashin.