Ko Kun Sani?

Idan mutum ya sayi shinkafar N10,000 da katin Verve a wani shagon Jahun, ba duka kuɗin ke shiga asusun mai shago ba, domin tsarin Babban Bankin Najeriya da ya fara aiki a 2020 ya yarda a cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wato N50, muddin bai wuce N1,000 ba. Bankin mai shago, wanda ya karɓi cinikin, shi ke cire wannan la'ada, amma ba ya riƙe ta duka, domin yana miƙa kaso ga bankin da ya ba mai saye kati, wanda shi ke tantance ma'amalar, sannan Interswitch, mai Verve, ya karɓi ladan sada bankunan biyu.