Waƙar Wa Ce? Bin Sawun Amshi Guda Daga Kamaru Zuwa Amurka

A 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, sai mai busa saksofon Manu Dibango ya yi wa gasar take. Faifan garmaho yana da fuska biyu, don haka ya cika bayan faifan da wata waƙa mai suna "Soul Makossa". An manta da taken gasar, amma waƙar da ke baya ta ratsa duniya. Tarihinta kaɗai ya isa ya nuna wa mai sauraro yadda waƙa ke fita daga hannun mai ita ta shiga hannun wasu.

A cikin kowace waƙa da muke ji akwai dukiya biyu, kuma sau da yawa masu su daban ne. Ta farko ita ce waƙar kanta, wato baitoci da karin da ake rera su a kai, kuma ta wanda ya tsara ce. Ta biyu ita ce ɗaukar da aka yi a sitidiyo, muryar wane da kiɗan wane a rana kaza, wadda galibi kamfanin da ya biya kuɗin aikin ne ke riƙe da ita. Duk lokacin da kunne ya ce maka “na san wannan”, tambayar da za ka yi ita ce: waƙar aka ara, ko ɗaukar aka taɓa?

Waƙar asali ita ce wadda baitinta da karinta suka fara fitowa daga wurin mai ita, kamar ta Dibango. Da faifansa ya isa New York, wani mai sa kiɗa a wurin rawa, David Mancuso, ya yi ta saka shi, daga nan gidan rediyo ya ɗauka. Mutane suka bazama nema, faifan kuwa ya yi wuyar samu. Nan da nan ƙungiyoyin makaɗa da dama suka shiga sitidiyo, kowa ya kaɗa waƙar da kayansa ya fitar. Wannan shi ne sake rerawa, abin da masu harkar ke kira koba: waƙar guda ce, amma ɗaukar sabuwa ce fil, babu ko ɗigon sautin Dibango a ciki. Sai daga baya kamfanin Atlantic ya sami izinin fitar da ta asalin a Amurka, ta shiga jerin waƙoƙi arba'in da suka fi tashe a 1973.

A nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin wadda ta fi suna ba lalle ita ce ta fari ba. Da yawa suna ɗauka "I Will Always Love You" ta Whitney Houston ce, alhali Dolly Parton ce ta rubuta ta kuma fitar da ita a 1974, shekara goma sha takwas kafin Whitney ta rera.

Rimis kuwa ba ya barin gida. Ana komawa kan ɗaukar asali ne, da izinin masu ita, a sauya kiɗa, ko a ƙara sauri, ko a buɗe gurbi wani mawaƙi ya sa baitinsa. Haka Rema ya yi da "Calm Down" a 2022 da ya gayyato Selena Gomez. Gane shi ba wuya: sunan waƙar bai canza ba, muryar mai ita tana nan.

Mu koma ga Dibango. A 1982 Michael Jackson ya fitar da kundin "Thriller", kuma a ƙarshen waƙar farko, "Wanna Be Startin' Somethin'", aka ji wani amshi da duk wanda ya san "Soul Makossa" zai gane. Jackson bai yanko sautin faifan Dibango ba. 'Yan amshinsa ne suka sake rera guntun, an ɗan sauya shi, aka dasa a cikin sabuwar waƙa. Wannan aron guntu ne: bai kai koba ba tunda ba dukan waƙar aka ɗauka ba, kuma bai taɓa ɗaukar asali ba. Duk da haka haƙƙin mai tsarawa yana kansa. Dibango ya yi magana, aka sasanta da kuɗi ba tare da hukuncin kotu ba.

Shekara ashirin da biyar bayan haka, a 2007, Rihanna ta fitar da "Don't Stop the Music". A wannan karon tsakure aka yi, abin da furodusoshi ke kira samfur: an yanko ainihin sautin daga waƙar Jackson aka liƙa a kan sabon kiɗa. An nemi izinin ɓangaren Jackson, amma ba a tuntuɓi mutumin da amshin ya faro daga bakinsa ba. Dibango ya shigar da ƙara a Paris a 2009. Kotu ba ta karɓe ta ba, saboda tun kafin nan an riga an umarci kamfanin ya sa sunansa a faifan da za a fitar a Faransa, shi kuma ya janye ƙarar farko. A ganina wannan ne ciwon da ke cikin harkar: kowane mai aro yana kallon hannun da ya karɓa daga gare shi ne kawai, ba ya tambayar inda wancan ya samo.

To yaya mai sauraro zai bi sawu? Fara da kunne. Saka tsohuwar da sabuwar a jere. In guntun ya zo da murya iri ɗaya, numfashi a wuri ɗaya, har da ƙarar tsohon faifai, kuma yana maimaituwa ba ko ɗan bambanci, to tsakure ne, ko da an ja shi ko an ɗaga muryar. Gwada da "Last Last" ta Burna Boy, ta 2022, da "He Wasn't Man Enough" ta Toni Braxton, ta 2000, za ka ji kiɗan buɗewar ya taho kai tsaye. In kuwa karin ɗaya ne amma muryoyi da kayan kiɗa sun bambanta, sake rerawa aka yi.

Daga nan duba sunayen marubuta, a bayan faifai ko a wurin bayanin waƙa a Spotify da YouTube. In mai rerawa ba ya cikin marubuta, akwai yiwuwar koba ce, ko da yake wasu mawaƙan rubuta musu ake yi. In ka ga sunan wani tsohon mawaƙi a tsakiyar na matasa, an ari wani abu nasa. Alamar ℗ da shekarar da ke gefenta ta ɗaukar ce, ba ta waƙar ba, shi ya sa tsohuwar waƙa da aka sake bugawa kan zo da sabuwar shekara. Ranar da aka ɗora waƙa a intanet kuwa ba hujja ba ce ko kaɗan. Manhajar Shazam tana gane ɗauka ne, don haka za ta faɗa maka wanda kake ji, ba wanda ya tsara ba. WhoSampled na tara bayanan tsakure, SecondHandSongs na tara na koba, Discogs kuma na nuna shekarar bugun farko. Jama'a ne ke cika su, saboda haka a gwama biyu kafin a yanke magana.

Waɗannan rumbuna ba su san yawancin waƙoƙinmu ba. Wanda ya ji salon Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos a cikin sabuwar waƙa, ko karin wani tsohon fim ɗin Indiya a waƙar fim ɗin Hausa, da wuya ya tarar an rubuta haka a ko'ina. Sawun yana wurin tsofaffin masu sayar da kaset, da ma'ajiyar gidajen rediyo, da 'yan amshi da makaɗan da suka yi zamani da mai waƙar. Su ne za su gaya maka wa aka yi wa ita, a wane gari, kuma a bakin wa suka fara jin ta.